Yadda ake gano abin da ke ɓata murya a iyafis na bulutut lokacin kira, da yadda ake gyarawa

Mutum zai sayi iyafis marar waya a babbar kasuwar Garwa ko ta Marwa, ya haɗa shi da wayarsa, ya sa karatun Alƙur'ani ko kiɗa, ya ji sauti garau har da ƙarar ganga a ƙasa. Da zarar kira ya shigo sai wanda ke ɗaya gefen ya fara cewa, "Alhaji, ba na jin ka sosai, muryarka a shaƙe take." Da yawa daga nan suke yanke hukunci cewa an sayar musu da jabu, su koma wurin mai shago a yi ta cacar baki. Wani lokacin jabun ne, amma galibi ba shi ba ne. Iyafis mai tsada ma haka yake yi, domin kiɗa da kira ba hanya ɗaya suke bi tsakanin waya da kunne ba. Kafin ka kashe kuɗi a kan sabo, ka san wace hanya muryarka take bi, kuma a ina take lalacewa.

Hanyoyi biyu a cikin na'ura ɗaya

Bulutut yana da tsare-tsare daban-daban, kowanne da aikinsa. Wanda ke ɗaukar kiɗa sunansa A2DP. Gefe ɗaya kawai yake tafiya, daga waya zuwa kunne, kuma yana ɗaukar sautin dama da na hagu daban. Da tsarin matse sauti na SBC, wanda kowane iyafis ke da shi, yana iya kai kusan kilobit 328 a daƙiƙa, ana kuma auna sautin sau 44,100 ko 48,000 a kowace daƙiƙa. Wannan ya isa ya ɗauki kusan duk abin da kunnen ɗan Adam ke iya ji. Sai dai a wannan tsarin babu hanyar dawowa. Makirfo a kashe yake ɗungurungum, ko da kuwa mafi kyau ne a duniya.

Tsarin kira kuma sunansa HFP, an kuma yi shi ne tun zamanin ƙananan wayoyi masu madannai, domin direba ya yi magana hannunsa na kan sitiyari. Yana tafiya gaba da baya lokaci guda, amma kilobit 64 kawai yake da shi a kowane gefe, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da kiɗa ke samu, kuma sauti guda ne ake zuba wa kunnuwa biyu. Duk lokacin da wata manhaja ta nemi makirfon iyafis, waya ko kwamfuta tana ajiye A2DP ta koma HFP. Shi ya sa ba muryarka kaɗai ke lalacewa ba. Abin da kai ma kake ji yana dushewa nan take.

Akwai dalilin da ya sa aka takura hanyar kira haka. Kiɗa yana iya jira. Iyafis yana tara ɗan sauti a gaba kafin ya fara kunnawa, kamar ɗan kasuwar da ya cika sito kafin ya buɗe shago: ko mota ɗaya ta makara, mai saye ba zai sani ba. Idan wani gutsuren sauti ya ɓace a iska, akwai lokacin sake aiko shi. Magana ba ta da wannan sararin. In aka jinkirta ta, mutane biyu za su riƙa faɗa wa juna cikin baki. Saboda haka aka keɓe wa murya ƙananan gurabu na lokaci da ba sa canzawa, kuma gutsuren da ya ɓace, in an sake gwadawa sau ɗaya ko biyu bai iso ba, an bar shi ke nan. Abin da mai sauraro ke ji a matsayin yankewa ko ƙarar ƙas-ƙas ke nan.

A cikin HFP ɗin ma akwai mataki biyu da aka fi samu, kuma bambancinsu shi ne abin da ya fi shafar mu. Tsohon, mai suna CVSD, yana auna murya sau 8,000 a daƙiƙa. Ƙa'idar ita ce, sautin da zai wuce bai kai rabin wannan adadin ba, don haka duk abin da ya haura kilohaz 4, wato kaɗawa 4,000 a daƙiƙa, an datse shi. A can sama kuwa sautukan s, sh, f da ts suke da yawancin ƙarfinsu. In an datse su, wasula suna fita amma baƙaƙen suna narkewa, sai mai albasa a Marwa ya faɗi farashin buhu, abokin cinikinsa a Kusiri ya ce ya maimaita har sau uku. Sabon, mai suna mSBC, ya zo da HFP 1.6 a shekarar 2011. Yana auna murya sau 16,000, yana barin sauti ya kai kusan kilohaz 8. Har yanzu bai kai kiɗa ba, amma magana tana fita sarai. Sharaɗinsa shi ne sai ɓangarorin biyu, iyafis da waya ko kwamfuta, duk sun iya shi. In ɗaya bai iya ba, su biyun suna sauka zuwa tsohon ba tare da sun sanar da kai ba.

Mataki na farko: ka ji muryarka da kunnenka

Kada ka dogara da abin da mutane ke gaya maka a kira, domin a can akwai sabis a tsakani. Kira na yau da kullum a kan tsohon layin 2G shi ma a kan 8,000 yake tafiya, kuma kiran WhatsApp yana rage inganci da kansa idan intanet ta yi rauni. Dole ka raba laifin iyafis da laifin sabis.

Ka samu wayar wani a gida, ku shiga ɗakuna daban-daban, ka kira ta. Ka zaɓi jimla ɗaya mai yawan waɗancan baƙaƙen, misali: "Sani ya sayo shinkafa da tsintsiya da safiyar Asabar." Ka faɗe ta da iyafis a kunne. Sannan, ba tare da ka katse kiran ba, ka taɓa alamar sauti da ke kan allon kira, ka mayar da shi kan wayar kanta, ka kara ta a kunne, ka sake faɗin jimlar. Daga nan ku yi musaya, shi ya yi maganar da iyafis ɗinka, kai ka saurara.

Idan duka biyun sun fita a shaƙe iri ɗaya, matsalar ta sabis ce, iyafis ba shi da laifi ko kuma laifinsa a ɓoye yake. Ku sake gwadawa da kiran WhatsApp a wurin da intanet ke da ƙarfi. Idan kuwa muryar ta washe da ka koma kan waya, to a cikin iyafis ko hanyar bulutut abin yake, sai mu ci gaba.

Wasu suna yin gwajin da saƙon murya. Yana yiwuwa, amma akwai tarko: wayoyi da yawa suna ɗaukar saƙon murya da makirfon jikinsu ko da iyafis na haɗe. Don ka tabbatar, ka ajiye wayar a kan tabarma, ka ja baya taku biyar kana magana, sannan ka ɗan sosa jikin iyafis da farce. In muryar ta yi nisa a cikin saƙon kuma ba a ji sosawar ba, ba makirfon iyafis ka gwada ba.

Mataki na biyu: ka bambance irin lalacewar

Ba kowace mummunar murya ce ke da dalili ɗaya ba, kuma kunne yana iya rarrabewa in an nutsu.

Muryar da ke fita da ƙarfinta amma a dushe, ba kaifin s da sh, alamar tsohon tsarin nan ne na 8,000. Muryar da ke fita can ƙasa-ƙasa, sai an kasa kunne, galibi ramin makirfo ne ya toshe ko kuma nisa daga baki. Muryar da ke karkarwa, farkon kalma ko ƙarshenta na ɓacewa, musamman a wuri mai hayaniya, aikin na'urar rage hayaniya ne. Wadda kuma ke yankewa ɗif ta dawo, hanyar rediyon ce ke samun cikas.

Na fi son a fara da toshewa domin ita ce ta fi yawa a wajenmu, ita ce kuma ta fi sauƙin magani. Ramin makirfo bai fi kan allura girma ba. Ƙurar hunturu, zufar watan Maris da Afrilu, da man da ake shafawa suna haɗuwa su zama laka a bakinsa. Lasifikar da ke cikin kunne ba ta nuna alamar komai, shi ya sa kiɗa ke ci gaba da daɗi. Ka nemo ramin da hasken tocila, yawanci a ƙasan sandar iyafis yake ko a gefen waje. Ka share shi da busasshen buroshin haƙori mai laushi, ramin yana kallon ƙasa don ƙurar ta zubo. Kada ka cusa allura ko tsinke, kada kuma ka hura da baki da ƙarfi. Bayan ramin akwai raga da wata 'yar fata siririya, in ta huje ba ta gyaruwa.

Bayan haka ka gano wane kunne ne ke ɗauke da muryar. A yawancin iyafis masu araha, guda ɗaya ne ke aiki da makirfo a lokacin kira. Kana cikin kiran gwaji, ka ƙwanƙwasa na dama, sannan na hagu, wanda ke sauraro ya gaya maka wanne ya ji. Ka mayar da wancan cikin akwatinsa ka rufe, ɗayan zai karɓi aikin a mafi yawan samfura. In muryar ta gyaru, makirfo ɗaya ne ya lalace, kuma kana iya ci gaba da kira da kunne ɗaya.

Nisa kuwa ba ya da magani sai canjin na'ura. Waya a kunne, makirfonta na kusa da baki. Na iyafis yana can wajen kunne, kusan tazarar taƙi ɗaya, kuma bayan inda murya ke dosa. Duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin muryar da ke isa makirfo yana raguwa da kusan desibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti, alhali ƙarar janareto, fanka da babura tana nan yadda take. Don ya rama, iyafis yana ƙara ƙarfin komai sannan ya yi ƙoƙarin goge hayaniyar da lissafi. In hayaniyar ta kusa kai ƙarfin muryar, sai ya goge har da wani ɓangare na maganar. A kan babur abin ya fi muni, domin iska tana dukan ramin kai tsaye. Ɗan acaɓa da ke amsa kira yana tafe, babu iyafis ɗin da zai fitar da muryarsa da kyau, gara ya tsaya gefen hanya ya juya wa iska baya.

A nan ne nake jin haushin yadda ake tallar kayan nan. Ana rubuta ANC da manyan baƙaƙe a kan kwali, mai saye ya ɗauka muryarsa za ta fita tsaf. ANC kunnenka kawai yake yi wa aiki, yana rage hayaniyar da kai kake ji. Wanda ke tace muryar da kake aikawa ana rubuta shi ENC ko cVc, kuma shi ma ingancinsa ya bambanta ƙwarai daga samfur zuwa samfur. Haka nan tsare-tsaren matse sauti na aptX, AAC da LDAC duk na kiɗa ne. Masu shiga `Developer options` a wayar Android su canza `Bluetooth audio codec` da fatan gyara kira, ba abin da suka taɓa a hanyar kiran.

Yankewa kuma tana da nata dalilan. Bulutut yana aiki a zangon gigahaz 2.4, inda Wi-Fi ma yake, kuma jikin mutum yana tare wannan zangon sosai. In wayar na aljihun baya na hagu, makirfon na kunnen dama, saƙon sai ya ratsa jikinka. Ka dawo da ita aljihun gaba na riga. In kana raba wa wasu intanet daga wayar a lokacin kira, ka kashe ka sake gwadawa. Ka kuma cire haɗin iyafis da wata na'ura ta biyu, ka tabbatar batirinsa bai kusa ƙarewa ba.

Mataki na uku: a kwamfuta, ka duba adadin da idonka

A waya kana kintata ne da kunne, amma Windows yana nuna maka adadin ƙarara. Bari in bi ta kan abin da ya faru da yayata, wadda ke aiki a wani ofishi a Garwa, tana kuma yin taro ta Zoom da abokan aikinta na Yawunde. Ta ce mini, "Ƙanena, duba mini abin nan. A waya ba sa ƙorafi sosai, amma a kwamfuta kullum sai sun ce in rubuta abin da nake son faɗa." Iyafis ɗaya ne, ɗaki ɗaya, intanet ɗaya, don haka zargi ya koma kan kwamfutar.

Na danna maɓallin Windows tare da R, na rubuta:

```
mmsys.cpl
```

A tagar da ta buɗe, shafin `Playback` ya nuna iyafis ɗin sau biyu, ɗaya da `Stereo` a ƙarshen sunansa, ɗaya da `Hands-Free AG Audio`. Haka Windows 10 yake nuna hanyoyin nan biyu. Windows 11 ya haɗe su a suna ɗaya yana sauyawa da kansa. Na shiga shafin `Recording`, na danna `Headset` sau biyu, na buɗe `Advanced`. Abin da ke rubuce shi ne `1 channel, 16 bit, 8000 Hz`. In kwamfutarka da Faransanci take, sunayen shafukan za su bambanta amma adadin iri ɗaya ne: ko 8000 ko 16000. Nata 8000 ne. Kwamfutar tsohuwa ce, bulutut ɗinta wani ɗan ƙaramin abu ne da aka soka a ramin USB, kuma ta nan aka sauka zuwa tsohon tsari, alhali wayarta tana samun sabon da iyafis ɗin nan dai.

Na ce, "Yaya, hanya biyu ce. Ko mu raba aikin, ko ki koma mai waya." Muka fara da rabawa. A cikin Zoom, ƙarƙashin `Audio`, na sa `Speaker` a kan wanda ke da `Stereo`, na sa `Microphone` a kan makirfon jikin kwamfutar. Tunda babu mai neman makirfon iyafis, sai ya zauna a A2DP, tana jin mutane garau, muryarta kuma tana shiga ta makirfon da ba a takura shi ba. Don kada wata manhaja ta sake jawo shi, ana iya rufe hanyar kiran gaba ɗaya:

```
control printers
```

Sai a danna iyafis da maɓallin dama na linzami, a shiga `Properties`, sannan `Services`, a cire alamar da ke gaban `Handsfree Telephony`. A Windows 11 ana isa wannan tagar ta `Bluetooth & devices`, sai `Devices`, sai `More devices and printer settings`. Ka sani cewa bayan haka makirfon iyafis ba zai ƙara aiki a wannan kwamfutar ba sai ka mayar da alamar.

Muryar ta washe, amma wata matsalar ta ɓullo. Makirfon kwamfuta yana da nisan kusan kamu ɗaya daga bakinta, fanka kuma tana kaɗawa a samanta, ga ƙarar madannai in tana rubutu. Da safe kafin zafi ya tashi abin ya wadatar. Da rana kuwa, a Garwa ba a kashe fanka. Saboda haka don tarukan rana ta koma iyafis mai waya, irin wanda ke zuwa da makirfo a jikin igiya, ta maƙale igiyar a bakin mayafinta kusa da haɓa. Wannan ne ya fi kowanne fita, kuma shi ne mafi araha a cikinsu.

Abin da waya ba za ta bari ka yi ba

Dabarar rabawa ba ta tafiya yadda ake so a waya. A saitin bulutut na Android, in ka taɓa alamar da ke gefen sunan iyafis, za ka ga maɓallin `Phone calls` da na `Media audio`. In ka kashe na farko, kiɗa zai ci gaba da zuwa kunne, amma kira zai koma kan wayar gaba ɗaya, ji da magana duka. Wannan yana da amfani ga wanda ke sauraron wa'azi ko labarai da iyafis yana kuma son amsa kiran ciniki da wayar a hannu. Amma ba zai ba ka ji ta iyafis da magana ta makirfon waya a kira na yau da kullum ba.

Idan kira shi ne sana'arka, ka sayi abin da aka yi don kira. Mai waya dai shi ne kan gaba. Ka duba kan filoginsa, ya kasance da zobe uku, domin mai zobe biyu ba ya ɗauke da makirfo. In wayarka ba ta da ramin, akwai mai shiga ta USB-C. In dole sai marar waya, ka nemi mai ɗan hannu da ke miƙowa zuwa gefen baki, ka kuma duba a kwali ko takardarsa ko an rubuta HFP 1.6 ko sama da haka. Ga masu aiki a kwamfuta akwai irin da ke zuwa da nasa ɗan abin sokawa a USB. Da yawansu ba sa bin HFP na kwamfutar, don haka tsufanta ba ya shafar su.

Akwai sabon tsari mai suna LE Audio, da aka sanar a 2020, wanda ke amfani da tsarin matse sauti na LC3, yana kuma iya ɗaukar murya a kan 32,000 yayin da makirfo ke buɗe. Android 13 zuwa sama ya san shi, amma sai wayar kanta da iyafis ɗin duk an gina su da shi. Rubutun "Bluetooth 5.3" a kan kwali bai isa shaida ba, domin ana iya samun wannan lambar ba tare da LE Audio ba. Ka nemi sunan tsarin kansa a rubuce. Kuma ko me aka rubuta, kafin ka biya, ka roƙi mai shago ya bari ka haɗa shi da wayarka, ka kira wani, ka fita bakin shagon inda hayaniyar kasuwa take, ka faɗi jimlar gwajin, sannan ka tambayi mai sauraro ko ya ji "shinkafa" da "tsintsiya" ba tare da ka maimaita ba.